Kifi Ɗaya, Amsa Biyu: Me Ya Sa Ake Rubuta Sunan Manhaja da Saitinta a Rahoton Bincike

Duk wanda ya ƙetare gadar Kogin Kaduna ya nufi kudu, ba zai daɗe ba zai isa Kakuri da Makera, unguwannin da aka san su da masaƙu. A Kakuri aka buɗe masaƙar Kaduna a shekarar 1957, wasu kuma suka biyo baya, har wurin ya zama cibiyar saƙa ta Arewa. Yawancin masaƙun nan sun rufe a shekarun 2000, amma kafin nan sun yi shekaru masu yawa ruwan rininsu yana bin magudanai yana faɗawa cikin kogi. Wasu sinadaran rini suna ɗauke da ƙarfen da ake kira kuromiyam, shi kuwa ƙarfe ba ya ruɓewa kamar ganye, yakan kwanta cikin taɓo ya daɗe. Saboda haka har yanzu ɗaliban ilimin halittu sukan yi tambayar nan: shin kifin da ke ƙasa da bakin magudana ya fi na sama da ita tara ƙarfe a jikinsa?

Ba amsar wannan tambaya za mu bayar a nan ba. Abin da za mu duba shi ne wani ɗan sashe na rahoton bincike da ɗalibai sukan raina, wato wurin da ake faɗin yadda aka yi lissafi. Sau da yawa abin da ake gani a wurin layi ɗaya ne tak: "An tantance alƙaluma da na'ura mai ƙwaƙwalwa." Za mu nuna cewa wannan layi bai isa ba, domin alƙaluma ɗaya suna iya ba da amsa biyu masu karo da juna, ba tare da kowa ya yi kuskure ko ha'inci ba.

Misalin tarwaɗa goma sha huɗu

Bari mu ƙaddara cewa wata ɗaliba ta samo tarwaɗa daga masunta, ta auna kuromiyam da ke cikin hantar kowace, da ma'aunin miligiram a cikin kilogiram. Alƙaluman da ke tafe na koyarwa ne, an zaɓe su domin sauƙin lissafi, ba sakamakon awon kogin ba ne. Daga sama da bakin magudana ta sami kifi goma, awonsu kuwa 2, 3, 3, 4, 4, 4, 4, 5, 5, 6. Daga ƙasa da magudana kifi huɗu kawai ta samu, awonsu 4, 6, 8, 12. Matsakaicin na sama 4 ne, na ƙasa kuwa 7.5. Bambanci ke nan na 3.5.

To, shin wannan bambanci na gaske ne, ko dacen kamu ne kurum? Kifi ba su zama ɗaya, kuma mai yiwuwa ne taru ya faɗa kan wasu huɗu masu yawan ƙarfe ba don wani dalili ba. Domin auna wannan shakka ake yin gwajin da ake kira gwajin `t`. Gwajin yana fitar da wata lamba mai suna `p`, wadda ke faɗin yawan yadda za a ga bambanci mai girman wannan ko fiye, da a ce babu wani bambanci na haƙiƙa tsakanin wuraren biyu. A al'adar masu binciken halittu, idan `p` ta gaza 0.05 sai a ce an sami hujjar bambanci.

Ɗalibar ta shigar da alƙalumanta cikin manhajar SPSS, ta kwafi layin farko na sakamakon, ta ga `p` ta kama 0.011. Sai ta rubuta cewa kifin ƙasa da magudana ya fi tara ƙarfe. Bayan shekara guda wani ɗalibi ya ɗauki alƙaluman nan goma sha huɗu, bai canza ko ɗaya ba, ya zuba su cikin manhajar R, ya nemi gwajin `t`. Nasa `p` ya kama 0.13, wato bai sami hujjar bambanci ba. Ga masu sayar da kifi da masu cinsa, tazarar da ke tsakanin waɗannan amsoshi ba ƙarama ba ce. Wane ne ya yi daidai?

Gwaji biyu masu suna ɗaya

Asirin shi ne, abin da ake kira gwajin `t` ba guda ba ne. Na farko ya samo asali daga aikin William Gosset, wanda ya buga shi a 1908 da sunan aro, Student. Wannan gwaji yana ɗauka cewa warwatsuwar alƙaluma iri ɗaya ce a ɓangarorin biyu, don haka yakan haɗa warwatsuwar wuri guda ya yi aiki da ita. Na biyu kuwa B. L. Welch ne ya bayyana shi a 1947, shi kuma bai yarda da wannan zato ba, yakan bar kowane ɓangare da tasa warwatsuwar.

Mai karatu ya sake duban kifayenmu. Na sama sun taru kusa da juna, daga 2 zuwa 6, ma'aunin warwatsuwarsu 1.15. Na ƙasa sun baje daga 4 har 12, ma'auninsu 3.42, kusan ninki uku ke nan. Idan aka haɗa warwatsuwar biyu, kifaye goman nan masu kama da juna sai su rinjayi huɗun, lissafi ya ɗauka cewa an san matsakaicin na ƙasa fiye da yadda aka san shi a zahiri. Shi ya sa gwajin Student ya ba da `t` 2.99 da `p` 0.011. Gwajin Welch kuwa ya lura cewa kusan dukkan shakkar daga kifaye huɗun nan take, sai ya ba da `t` 2.00 da `p` 0.13.

Kowace manhaja da irin halinta game da wannan zaɓi. SPSS tana fitar da layi biyu, na sama mai take `Equal variances assumed`, shi ne na Student, na ƙasa kuma `Equal variances not assumed`, shi ne na Welch. Wanda ke gaggawa yakan kwashi na sama. R kuwa, idan ba a gaya mata komai ba, Welch take yi, sai an umarce ta sannan ta yi Student:

```
sama <- c(2,3,3,4,4,4,4,5,5,6)
kasa <- c(4,6,8,12)
t.test(kasa, sama)                    # Welch
t.test(kasa, sama, var.equal = TRUE)  # Student
```

A manhajar Excel ma haka abin yake. Umarnin `T.TEST` yana neman a rubuta masa lamba a ƙarshe, 2 don Student, 3 don Welch. Wannan shi ne abin da muke nufi da saiti: zaɓin da ke cikin lissafi, wanda ko dai mai bincike ya yi shi da saninsa, ko manhaja ta yi masa shi a ɓoye.

Akwai hanyar da malami zai gane gwajin da aka yi ko da ɗalibi bai faɗa ba. Ya dubi lambar da manhaja ke rubutawa da `df`. A gwajin Student, ana samun ta ne idan aka tara yawan kifaye aka cire biyu, a nan 12 ke nan, kuma kullum cikakkiyar lamba ce. A gwajin Welch takan zo da gutsure, a misalinmu 3.28. Saboda haka duk rahoton da ya ba da `p` kaɗai ya ɓoye `t` da `df`, ya toshe wa mai karatu hanyar bin sawu. Har ma akwai wani ƙaramin bambanci a cikin Excel kanta: kayan tantancewarta mai suna `Analysis ToolPak` yakan mayar da 3.28 zuwa 3, sai `p` ta koma 0.14 maimakon 0.13. Wanda bai san wannan ba zai ɓata yini yana neman kuskuren da babu shi.

A irin waɗannan alƙaluma, inda ɓangaren da ya fi ƙarancin kifi shi ne ya fi warwatsuwa, gwajin Welch ne abin dogaro. Amma a lura, 0.13 ba ta ce kogi yana da tsabta ba. Abin da ta ce shi ne kifi huɗu sun yi kaɗan a yanke hukunci da su. Haka kuma ba a gwada hanyoyin biyu sannan a zaɓi wadda ta yi wa mutum daɗi. Ana tsayar da hanya tun kafin a ga sakamako, kuma a rubuta dalili.

Manhaja ma tana da bugu, kamar littafi

Malamai sun san cewa idan aka ce wa ɗalibai su buɗe shafi na 40, dole a faɗi bugun littafin, domin shafi na 40 na tsohon bugu ba lalle ya zama na sabo ba. Haka manhaja take. Masu ita sukan gyara ta su fitar da sabon bugu mai sabuwar lamba, wani lokaci kuma gyaran yakan taɓa sakamako.

Ga misali tabbatacce. A ce kuɗin awo a ɗakin gwaje-gwaje bai isa a auna kifayen sama duka goma don wani ƙarfe na biyu ba, sai uku. Domin kada son rai ya shiga, sai a sa wa kifayen lamba 1 zuwa 10, a bar na'ura ta yi ƙuri'a. Ƙuri'ar na'ura ba ta dace ba ce zalla, lissafi ne da ke tashi daga wata lambar farawa da ake kira iri. Idan aka ba ta iri ɗaya, za ta maimaita zaɓi ɗaya, wannan ne kuma ke sa wani ya iya sake aikin:

```
set.seed(1)
sample(1:10, 3)
```

A bugun R da suka gabaci 3.6.0, wannan umarni yana zaɓo kifi na 3, na 4 da na 5. Daga bugu na 3.6.0, wanda ya fito a watan Afrilu na 2019, umarnin nan dai, da irin nan dai, yana zaɓo na 9, na 4 da na 7. Dalili kuwa shi ne an gano cewa tsohuwar hanyar tana ɗan karkata ga wasu lambobi idan abin da ake zaɓe daga cikinsa yana da yawa ƙwarai, sai aka sauya ta. Don haka wanda ya rubuta iri amma bai rubuta bugu ba, rabin adireshi ya bayar. Wanda ya san bugun da aka yi aiki da shi kuwa yana iya umartar sabuwar R ta bi tsohuwar hanya da `RNGkind(sample.kind = "Rounding")`, kifaye na 3, 4 da 5 su dawo. Wannan matsala ba ta tsaya ga zaɓen kifi ba. Duk lissafin da ke amfani da irin wannan ƙuri'a, kamar raba dabbobin gwaji rukuni-rukuni, tana shafarsa.

Ƙunshe-ƙunshen da ake ɗorawa

R ba ita kaɗai take aiki ba. Masana a ƙasashe dabam-dabam suna rubuta ƙananan manhajoji da ake ɗora mata domin wani aiki na musamman. Za mu kira kowanne ƙunshi. Kowane ƙunshi yana da masu shi, da lambar bugunsa, kuma yana canzawa a lokacin da ya ga dama, ba ya jiran R.

Mu koma kogi. A ce ɗalibar ta faɗaɗa aikinta, ta riƙa zuwa wajen masunta har kwana takwas, kowace rana tana karɓo kifi daga sama da ƙasa. Kifayen rana ɗaya sukan yi kama da juna, tun da ruwa ɗaya suka sha, mai yiwuwa ma taru ɗaya ya kamo su. Ba daidai ba ne a ƙirga su kamar ba su da wata alaƙa. Domin haka ake amfani da tsarin lissafin da ke ware wa kowace rana nata kaso na bambancin. Ƙunshin da aka fi sani da wannan aiki shi ne `lme4`, ana kuma rubuta tsarin kamar haka:

```
lmer(kuro ~ wuri + (1 | rana), data = kifi)
```

Ma'anarsa ita ce, yawan kuromiyam ya dogara ga wuri, sannan kowace rana tana da nata matakin. Abin mamaki shi ne `lme4` ba ya fitar da `p` a wannan umarni ko kaɗan, domin masu shi suna ganin babu hanya guda tabbatacciya ta lissafa `df` a irin wannan tsari. Wanda ke son `p` yakan ƙara wani ƙunshi mai suna `lmerTest`, wanda ke bin hanyar Satterthwaite idan ba a ce masa komai ba, ko hanyar Kenward da Roger idan an nema. Idan kwanakin kamu kaɗan ne, hanyoyin biyu suna iya saɓawa. To, idan rahoto ya ambaci `lme4` kaɗai kuma ga `p` a cikin jadawali, mai lura zai gane nan take cewa akwai wani mataki da ba a faɗa ba.

Har na'urar da aka yi aikin a kanta tana iya shiga cikin magana. A 2019 wasu masu bincike a Jami'ar Hawaii suka gano cewa wani ɗan shiri na lissafin sinadarai, wanda aka rubuta da harshen Python aka buga a 2014, yana ba da amsa dabam-dabam a kan na'urori dabam-dabam. Dalilin shi ne shirin ya dogara ga yadda na'ura ke jera fayiloli, alhali ba duk na'urori ke jera su iri ɗaya ba. Shekara biyar ana amfani da shi kafin a farga.

Abin da za a rubuta

Ba sai mutum ya haddace waɗannan lambobi ba. A R, umarni ɗaya yana fitar da bugun manhajar, da tsarin da na'urar ke gudana a kai, da sunan kowane ƙunshi da aka ɗora tare da bugunsa:

```
sessionInfo()
```

Ana ba da wannan umarni ne a ƙarshen aiki, a ranar da aka fitar da sakamakon da zai shiga rahoto, a adana abin da ya fito. Idan aka bari sai bayan wata shida, mai yiwuwa an sabunta na'urar, abin da zai fito ba shi ne aka yi aiki da shi ba. Ga mai babban aiki akwai ƙunshin `renv`, wanda ke rubuta bugun kowane ƙunshi a fayil mai suna `renv.lock`, domin wani ya iya sake ɗora su daidai yadda suke. Mai amfani da SPSS kuwa, kafin ya danna `OK` sai ya danna `Paste`. Wannan zai mayar da duk zaɓin da ya yi da hannu zuwa rubutaccen umarni da za a iya adanawa a sake gudanarwa. Danne-dannen hannu ba ya barin sawu, rubutaccen umarni kuwa shaida ne.

Ga yadda ɗalibarmu ya kamata ta rubuta sashen lissafi na aikinta na farko: "An yi dukkan lissafi da R, bugu na 4.3.1, a kan Windows 10. An kwatanta matsakaicin kuromiyam na kifi goma na sama da na kifi huɗu na ƙasa da gwajin `t` na Welch mai fuska biyu, domin ba a ɗauka warwatsuwar ɓangarorin ɗaya ba ce. Ba a cire awon kowane kifi ba, ba a kuma sauya alƙaluman zuwa wani ma'auni ba. An tsayar da 0.05 a matsayin iyaka tun kafin lissafi. An zaɓi kifaye uku na awo na biyu da umarnin `sample`, da iri na 1. Alƙaluman da umarnin duka suna rataye a ƙarshen rahoto." A sashen sakamako kuma sai ta ba da bambancin 3.5, da `t` 2.00, da `df` 3.28, da `p` 0.13. Idan aikin kwana takwas ne, sai ta ƙara tsarin lissafin kamar yadda aka buga shi a na'ura, da bugun `lme4` da na `lmerTest`, alal misali 1.1-34 da 3.1-3, da hanyar da aka bi aka sami `df`.

Mai karatu zai ga cewa an ambaci kifin da ba a cire ba. Wannan ba ƙarin magana ba ne. Kifin nan mai awo 12 ya yi nisa da 'yan'uwansa, wani zai iya ganin kuskuren awo ne ya jefar da shi, matsakaicin na ƙasa ya sauko daga 7.5 zuwa 6. Haka nan idan ƙarfen da ke cikin wani kifi ya yi ƙanƙantar da na'urar awo ba ta iya gano shi ba, wani yakan rubuta sifiri, wani rabin mafi ƙanƙantar abin da na'urar ke iya ganowa, wani kuma ya bar gurbin fayau, manhaja ta tsallake kifin ba tare da ta yi magana ba. Kowanne daga cikin waɗannan yana canza amsa, don haka dole a faɗi wanda aka yi.

Iyakar abin

Kada a ɗauka cewa aikin da aka iya maimaitawa ya zama gaskiya ke nan. Idan kwalbar da aka zuba hantar kifi ba ta da tsabta, ko aka rikita kifin sama da na ƙasa tun a bakin kogi, duk wanda ya sake lissafin zai sami amsar nan ta kuskure daidai wa daida. Cikakken bayanin manhaja ba ya gyara awo, ba ya kuma mayar da kifi huɗu su zama arba'in. Amfaninsa shi ne, idan mutum biyu suka saɓa, za a iya nuna ainihin wurin da hanyarsu ta rabu, a tattauna a kansa.

Malaman makarantun sakandare suna iya gwada wannan a aji ko da na'ura ɗaya ce a makarantar. A ba rukuni biyu alƙaluman tarwaɗan nan goma sha huɗu, a ce wa ɗaya ya sa 2 a ƙarshen `T.TEST`, ɗaya kuma ya sa 3, ba tare da sun san abin da aka gaya wa juna ba. Idan suka kawo 0.011 da 0.13, sai a bar su su binciko dalili da kansu. Daga nan kowane rukuni ya rubuta bayanin aikinsa a takarda, ya miƙa wa ɗayan, ba a yarda a yi tambaya da baki ba. Rukunin da aka bi takardarsa aka sami amsarsa daidai, shi ne ya rubuta bayanin da ya cika.